Rijiyar da Aka Rufe Saboda Bohol

Gidanmu a Abbare shi ne na ƙarshe a gangaren layi, inda duk ruwan saman unguwa yake taruwa kafin ya wuce rafi. Da damina mu ne abin tausayi, don laka har bakin ɗaki. Da rani kuma mu ne manya, saboda rijiyar da Baba ya haƙa kafin ya rasu ba ta taɓa ƙafewa ƙaf ba. Takan ja baya dai, ruwan ya yi ja, guga ya dawo da rabi, amma in aka ba ta lokaci sai ta sake tarawa. Mama ce mai ita. Da safe takan zauna a kujera 'yar tsuguno gefen rijiyar tana tsince wake, matan layi suna shigowa da bokiti suna gaishe ta, tana yi musu faɗa kan kada su bar guga a ƙasa. Ba ta da shago, ba ta da muƙami a coci, wannan rijiya ce duk sarautarta.

Ni a lokacin ina koyarwa a firamare, ina zaune tare da ita. Yayana kuwa yana unguwar Nukkai da iyalinsa, amma yana gina ɗakunan haya a bayan gidan namu, don haka kusan kullum yana tafe da babur ɗinsa da shawarwarinsa.

Wata shekara mazan layi suka yi mitin suka ce sun gaji da sayen ruwan amalanke, za a haɗa hannu a haƙa bohol na kowa da kowa. Na ji daɗi har raina. Aka kafa kwamiti, aka naɗa wani tsohon ma'aikacin sakatariya ciyaman, aka kira masu gwajin ƙasa. Suka zo da wayoyi da ƙarafuna suna kafawa a ƙasa, suka bi layin daga sama har ƙasa, daga baya suka ce ƙarƙashin unguwarmu dutse ne, kuma inda dutsen ya tsage, ruwa yake kwanciya, shi ne can gangare, daf da katangarmu.

Nan rigima ta tashi. Mutanen sama suka ce ba za ta yiwu ba, su ma sun ba da nasu, don me matansu za su riƙa hawan tudu da ruwa a ka, alhali 'yan gangare da ma suna da rijiya? Wani ya ce an yi wa masu gwajin raɗa ne. Aka kwashe makonni ana ja-in-ja, har wasu suka daina gaisawa. A ƙarshe ciyaman ya kawo abin da ya kira adalci. Aka samo igiyoyi aka ƙulla, aka miƙe su daga gidan farko zuwa gidan ƙarshe, aka ninka biyu, inda tsakiya ta faɗa aka kafa turke. Mutane har da tafi.

Ba a gayyaci mata mitin ba, amma bakina bai iya zama ba. Na tare ciyaman a hanya na ce, "Baba, ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa ya san da wannan igiyar?"

Ya yi murmushi irin na manya ya ce, "Malama, zaman lafiya muke nema. Ruwa kam ko'ina akwai shi, na Allah ne."

Cikin haushi na gaishe shi na wuce.

Motar haƙa ta zo a tsakiyar damina, lokacin da ko da cokali ka tona ƙasa za ka ga danshi. Shugaban masu haƙan ya dubi turken ya ce shi duk inda aka nuna masa zai huda, amma kada gobe a zo ana nemansa. Ba a yi nisa ba ruwa ya feso, yara suna ihu suna shiga ciki. Da ƙarfen ya fara cin dutse, farar ƙura tana fitowa maimakon laka, mutumin ya ba da shawarar a ƙara zurfi. Kwamiti suka ce ga ruwa a gabansu, wane zurfi kuma? Aka saka bututu, aka zura sumo, wato injin da ke turo ruwan sama, aka ɗora baƙin tanki a kan ƙarfe, aka jera famfuna. Liman ya yi addu'a, fasto ya yi, aka raba kunu.

Gaskiya watannin farko mun sha daɗi. Ruwa fari tas, ba jan guga, ba ciwon kafaɗa. Matan layi suka daina shigowa gidanmu. Mama ta ci gaba da zama a kujerarta gefen rijiya, tana tsince wakenta ita kaɗai, in ta ji motsin ƙofa sai ta ɗaga kai. Ni ina gani, kuma abin yana damuna.

A nan yayana ya shigo da tasa. Ya ce ɗakunansa sun kusa ƙarewa, 'yan haya masu ƙananan yara ba za su yarda su zauna kusa da buɗaɗɗiyar rijiya ba, kuma tunda ga bohol, me ake da ita? Mama ta ce a'a. Ya dawo washegari, ta ce a'a. Ya turo matarsa, ya turo ƙanin Baba. Na ce masa a yi mata murfin ƙarfe da kwaɗo, ya ce ni malamar makaranta ce, me na sani a harkar gini? Mama dai ta gaji da surutu.

"To, ka rufe shi," ta ce, "amma rufewa kawai. Kar ka zuba masa ƙasa. Rijiyan babanku ne."

"Haba Mama, siminti ne kawai a sama. Duk ranar da kike so, a fasa a buɗe."

Muka tafi ƙauye Kirsimeti ni da ita. Da muka dawo mun tarar an daɓe bakin rijiyar da siminti sumul, 'yan haya har sun tare, wata ta shanya barkono a kai.

Zafi na fara shigowa bohol ya fara nuna halinsa. A kunna janareta, ruwa ya hau tanki na ɗan lokaci, sai bututu ya fara tari yana fitar da iska. A kashe, a jira ramin ya tara, a sake kunnawa. Tankin da yake cika da safe ya koma ko rabi ba ya kaiwa. Layin jarkoki ya yi tsawo har ya sha kwana, mata suna ajiye dutse ko tsohon bokiti don riƙe wuri, kullum sai an yi cacar baki a kan wane dutse ne na wa. Ni kaina na makara makaranta ba sau ɗaya ba, na tsaya a rana in dawo da rabin jarka. Wata rana wanda ke riƙe da makullin janareta ya kunna ya tafi kasuwa, sumo ya yi ta juyawa babu ruwa har ya ƙone.

Aka sake mitin. Wasu suka ce a sayi sabon sumo, mai gyara ya ce ko an saya ramin ne ba ruwa, sai damina. Wasu suka ce a kira masu haƙa su ƙara zurfi, aka ce musu sabon aiki ne daga farko, kuma a wurin nan ba tabbas. Ba wanda ya ambaci igiya. Ciyaman ya ce a yi haƙuri, jarrabawa ce. Na ji kamar in kama shi in girgiza, amma sa'an ubana ne.

Masu amalanke kuwa suka dawo da ƙarfinsu. Su ma ba laifinsu ba ne, daga nesa suke turowa, kuma inda suke ɗiba layi ne. Kafin su gangaro wajenmu mutanen sama sun tare su sun kwashe. Sai dai mu ga amalanke ya wuce da jarkoki wayam suna ƙara. Muka koma sayen fiya wata, ruwan leda, don sha da girki, wanki kuma ya taru a kwando, wanka da kofi.

Ranar wata Asabar da hantsi matan layi suka yi sallama a ƙofarmu, kowace da bokiti. Wata dattijuwa Bafulatana da ke sama, wadda rabonta da gidanmu tun kafin bohol, ita ta yi magana.

"Maman yara, mun zo roƙo. A buɗe mana rijiyan nan, yara ba su yi wanka ba, ko na alwala babu."

Na daɗe ban ga fuskar Mama ta yi haske haka ba. Ba ta yi musu gori ba ko kaɗan. Ta shiga ɗaki ta canza zane, ta ɗaura sabon kallabi, ta ce in ciro guga daga bayan buhunan masara, in aika a kira magini da guduma. Na kira yayana in gaya masa, wayar ta yi ta ƙara bai ɗauka ba.

Magini ya fara dukan simintin, mata sun kewaye shi, Mama tana tsaye tana cewa a ja baya kada ɓaraguzai su faɗa ciki da yawa. Da guduma ta huda, wari ne ya fara fitowa. Magini ya ja da baya ya toshe hanci, sannan ya faɗaɗa ramin ya haska fitilar waya. Ya kira ni da hannu. Na leƙa. Wani farin bututu ne ya fito daga jikin rijiyar ta ɓangaren ɗakunan haya. Yayana bai haƙa wa 'yan hayarsa ramin bayan gida ba, rijiyar ya mayar.

"Menene?" in ji Mama.

Na kau da kai. Maginin ne ya ce, "Mama, sun jona masa bayan gida. Wannan kam ya tashi daga rijiya."

"In an kwashe fa? A wanke shi?"

"Ko an kwashe, ya riga ya shiga ƙasan. Ba mai sha kuma."

Na fusata. Na sake danna lambar yayana, na sake, ina zagin wayar kamar ita ta yi laifin. Mama ba ta ɗaga murya ba. Ta tsaya tana duban ramin, sannan ta juya ga matan da ke riƙe da bokitansu, waɗanda duk suka sunkuyar da kai.

"Ku yi haƙuri," ta ce. "Na sa kun zo a banza."

Suka fara fita ɗaya bayan ɗaya, ana cewa wai akwai wani gida a unguwar Majidaɗi da suke barin mutane su ɗiba. Mama ta shiga madafa ta fito da bokiti. Na ce ta ajiye, ni zan je, gwiwarta ba za ta kai ta ba. Ba ta ko dube ni ba. Ta bi bayansu da sabon kallabinta, tana tambayar ta ƙarshensu ko a can ɗin sai an roƙa.