Kunnen Ustaz Midhat

Ustaz Midhat Shalabi ya fara koyar da labarin ƙasa a tsangayar ilimi da ke garin Damanhur tun gashin kansa yana baƙi wuluk, kuma a nan furfura ta cim masa. Bai taɓa kammala digirinsa na uku ba. Malamin da ke duba masa aikin ya tafi ƙasashe masu arzikin man fetur neman na kansa, 'ya'ya suka zo, littattafan suka koma saman kabad. Duk da haka ɗalibai Dakta suke ce masa. Da can yana gyara musu, daga baya ya gaji ya ƙyale su.

Kunnen hagu ne ya fara yi masa nauyi, na dama ya biyo baya a hankali. Matarsa Sawsan ce ta fara lura, saboda yadda yake ƙure ƙarar talabijin har maƙwabta su san abin da ake kallo a gidan. 'Yarsu Dalia ta kai shi wurin likita, ta saya masa na'urar ji, 'yar ƙarama da ake maƙalawa a bayan kunne. Ya gwada ta yini ɗaya ya ce kayan tsofaffi ne, ya mayar da ita cikin kwalinta. Maimakon haka sai ya koyi kallon bakin mutane. A aji ba wanda ya gane, domin a aji shi ne mai magana.

Ana nan sai maƙalolin ɗalibai suka canja. Yaron da ba ya iya haɗa jimla biyu a jarrabawa sai ya kawo rubutu sumul kamar an goge da man zaitun. Kowa ya san daga wayoyinsu yake fitowa, amma sani daban, hujja daban. Shugaban sashe ya tara malamai ya ce daga wannan zangon duk wanda ya miƙa maƙala zai zauna gaban malaminsa ya amsa tambayoyi a kanta da baki. Ba a ƙara malami ko ɗaya ba, ba a rage darasi ba. Ustaz Midhat ya dubi tarin takardun da ke kan teburinsa, ya ji bayansa ya riga ya fara ciwo.

Amma aikin ba baƙonsa ba ne. Yakan karanta maƙala tukuna, ya sa alama da fensir a wurare biyu ko uku. Idan ɗalibi ya shigo sai ya miƙa masa rubutun a hannunsa, don ba hadda yake gwadawa ba. Ya fara da mai sauƙi don yaro ya saki jiki: me ya sa ka zaɓi wannan batu? Daga nan ya shiga ciki. Wannan kalmar me kake nufi da ita? Ina ka samo wannan adadin? Me ka karanta ka bari ba ka sa ba? Wanda ya yi da kansa ko ya daburce yakan san inda ya sha wuya. Wanda aka yi wa kuwa, yakan karanto jimlar da ke gabansa da murya mai ƙarfi, in an ce masa "don me?" sai ya sake karanto ta.

Irin wannan ne wani Hazim, mai turare da agogo, wanda ya rubuta a kan ƙaura daga ƙauye zuwa birni.

"Ka ce dalilai uku ne," in ji Ustaz Midhat. "A ganinka wanne ya fi rauni?"

"Duk masu ƙarfi ne, Dakta."

"To da za a ce ka cire ɗaya fa?"

Hazim ya juya takarda, ya yi murmushi. "Wallahi Dakta, jiya da daddare na san su duka."

"Je ka ka nemo su, ɗana. Ka dawo da rubutun da za ka gane shi da rana."

Irin su Hazim ba su da wuya, don suna kallon mutum ido cikin ido. Wuyar ta zo ne wata ranar Laraba bayan azahar, lokacin da fanka ke juyawa tana ƙara, barandar kuma cike da masu jira. Wani dogon saurayi ya shigo, Sobhi Abdelgawad, ɗan wani ƙauye kusa da garin Idku. Maƙalarsa a kan gishirin da ke cin gonakin arewacin ƙasar, na kusa da teku, take, kuma ta yi kyau fiye da yadda Ustaz Midhat ya zata daga yaron da bai taɓa ɗaga hannu a aji ba. Sobhi ya zauna a bakin kujera ya sunkuyar da kai, kamar yadda aka koya masa zama gaban manya.

"Me ya sa ka zaɓi gishiri?"

Kan yaron ya ɗan motsa. Ustaz Midhat ya ji wani abu kamar ƙugin ƙudan zuma daga nesa, sai shiru.

"Ka ce noman shinkafa na rage gishiri. Shinkafar da ke shanye ruwa? Yi mini bayani."

Ƙugin ya dawo, ya ɗan daɗe, yatsun yaron suna murza gefen takarda. Ustaz Midhat ya so ya ce ɗaga kanka, ɗaga muryarka. Amma ya riga ya faɗi haka ga mutane da yawa tun safe, maƙogwaronsa ya bushe, kuma wannan sunkuyon ya sha ganinsa a wurin marasa gaskiya. Ya yi tambaya ta uku, bai ma jira ƙarshen amsar ba. Ya sallame shi, ya rubuta a saman maƙalar cewa ɗalibin ya kasa kare rubutunsa, a tura wa shugaban sashe.

Ofishin na mutum biyu ne. A ɗaya teburin Dakta Iffat ce, malamar tarihi, wadda suka yi shekara da shekaru suna raba butar shayi ɗaya. Tana duba nata takardun har aka rufe ƙofa. Sannan ta taso ta tsaya daidai gabansa, inda zai ga bakinta.

"Ustaz Midhat, me ka rubuta wa yaron nan?"

Ya nuna mata.

"Ya amsa maka fa. Ya ce gonar babansa ce, a ƙarshen magudanar ruwa take. Ya ce ruwan da ake tarawa a gonar shinkafa shi ke wanke gishiri zuwa ƙasa, amma sai in hanyar fitar ruwan tana aiki, tasu kuwa ta toshe. Ni da ba fannina ba na gane."

Ustaz Midhat ya ajiye fensirinsa.

"Tun bara nake tsayawa a gabanka in zan yi maka magana," ta ce. "Ka ɗauka kyanka nake kallo?"

Ya yi ƙoƙarin dariya, ba ta fito ba.

A motar haya ta komawa gida, abin da ya tsaya masa a rai ba Sobhi kaɗai ba ne. Tun farkon makon nan mutum nawa suka zauna a kujerar nan da kai a sunkuye? 'Yan mata da yawa ba sa kallon malami namiji in suna magana. Ya tuna wata da ya ce wa ta je ta sake, ta fita tana share ido.

Sawsan ta zuba masa shinkafa da miyar malohiya, wato lalo, ta ga bai taɓa ba.

"Baban Dalia, lafiya?"

"Ina abin nan da yarinyar ta sayo?"

"Wane abu?"

Ya nuna kunnensa. Ta tashi ta shiga ɗaki. Da ta dawo da kwalin ta ajiye kusa da faranti. "Ka ci abinci tukuna. Ba da ciki wayam za ka fara jin abin da nake faɗa a kanka ba."

Ranar Lahadi ya sa aka kira Sobhi. Ya kashe fanka, ya jawo kujerar kusa, ya roƙi Dakta Iffat ta zauna ta saurara. Na'urar tana kawo masa komai haɗe, takun takalma a baranda, cokali a kofi, numfashin kansa.

"Ɗana, ranar nan ban ji ka ba. Kunnena ne, ba kai ba. Za mu sake. Ka ɗaga kanka ka yi magana kamar kana kiran wani daga ƙarshen gona."

Sobhi ya ɗago. Da aka zo kan maganar ƙasar gona sai muryarsa ta zauna. Ya faɗi yadda farin ɓawo ke fitowa a kan kunyar gona in rana ta yi zafi, da yadda ruwan da ke isa gare su ya riga ya ratsa gonakin wasu ya kwaso nasu gishirin. Ya ce ya so ya sa maganar teku da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙasa, sai ya ga bai fahimce ta sosai ba, ya cire.

Ustaz Midhat ya juya zuwa shafi na uku, inda fensirinsa ya zagaye wani sakin layi mai cike da alƙaluma. "Wannan ma'aunin fa? Me yake aunawa?"

Kan yaron ya koma ƙasa. Wannan karon shirun na gaske ne, kuma Ustaz Midhat ya ji shi.

"Daga waya na ɗauko, Dakta. Na ga kamar rubutun bai yi kama da na jami'a ba in babu lambobi."

"Ka san ma'anarsa?"

"A'a."

"To wannan sakin ba naka ba ne. Sauran naka ne. Akwai littafin ƙasa da ruwa a ɗakin karatu, mai koren bango. Ka karanta babin gishiri, ka sake rubuta wurin da bakinka, ka faɗi inda ka samo. Zan rage maka maki a kansa, kada ka ce ban gaya maka ba."

Yaron ya yi godiya ya fita da baya-baya. Ustaz Midhat ya goge abin da ya rubuta a saman maƙalar, sannan ya jawo tarin waɗanda ya riga ya gama, ya fara ware duk wanda ya ce ya kasa.

Sake su ya ci masa mako biyu. Shugaban sashe ya yi ta aiko da saƙo cewa sakamakonsa ne kaɗai ya rage. Yawancin waɗanda aka sake kira ba abin da ya canja, ba su san rubutunsu ba a karon farko, ba su san shi ba a na biyu. Amma uku sun sani, har da yarinyar da ta fita tana kuka. Sunanta Ibtihal, ta amsa komai a tsanake, ba ta yi murmushi ba ko da ya ba ta haƙuri, shi ma bai ga laifinta ba.

Ranar da suka gama, la'asar ta yi, baranda ta zama fayau. Dakta Iffat ta aika aka sayo musu burodi da wake, suka ci kowa a teburinsa. Kansa yana sarawa, ƙafafunsa sun kumbura cikin takalmi. Shekara biyu suka rage masa ya ajiye aiki, kuma a cikinsu kowane zango da nasa tarin.

"Nawa ɗaliban gobe suke farawa," ta ce tana naɗe takardar burodi. "Za ka zauna mini ka saurara, ko sai na roƙe ka?"

"Ƙarfe nawa?"

"Da safe."

Ya ɗauki jakarsa, ya ce mata ta sa a dafa shayin da ƙarfi.