Godiyar da na goge

Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Potiskum, sai mai makarantar ya so gurbina don ƙaninsa. Bai kore ni ba. Ya dai ƙwace ajina, ya ɗauke kujerata, ya mayar da ni gadi.

Na rubuta takardar ajiye aiki cike da godiya, yadda aka tarbiyyantar da mu. Yayata, wadda lauya ce, ta karanta tana dariya.

Ta ce, "Ƙanena, a kotun ma'aikata wannan kora ce. Rubuta cewa wulaƙancinsa ne ya fitar da kai. In ka gode masa, zai ce da kanka ka tafi."

Na goge godiyar. Yana karantawa ya aiko da kujerar har gida, wai in dawo. A kanta nake shan shayi har yau.