Kunnen Hagu Na Titi Ne

A shekarun da nake sayar da atamfa a Kasuwar Muda Lawal, mahaifiyata tana kwance a gidanmu na Ƙofar Wambai da ciwon hawan jini, kuma ƙanwata ce ke jinyarta. Ni ina zaune a Gwallameji, kullum a kan mashin tsakanin gida da shago da wajen Inna. Waya ba ta daina ƙara, don haka na sayi abin sauraron nan na kunne marar igiya, mai guda biyu a ɗan akwatin caji.

Da farko duka biyun nake sawa. Suna toshe kunne sosai, har ƙahon mota sai in ji shi kamar daga wata unguwa. Wani abokina mai gyaran waya ya gan ni da su, ya ce, "Malam, ɗaya ya ishe ka. Bar ɗayan a akwati, na kunnenka zai ci gaba da aiki, kowanne da makirfonsa."

Na koma sa na dama kaɗai. A hannun dama muke tuƙi, masu wuce ni ta hagu suke bi, sai na bar wa titi wannan kunnen. In cajin na dama ya ƙare, in mayar da shi akwati, ba na musanya shi da na hagu sai na sauka.

Wata Laraba bayan la'asar ina kan hanyar komawa gida, kira ya shigo. Na taɓa abin da yatsa. Ƙanwata ce.

"Yaya, kana ina?"

"Ina hanya. Yaya jikin Inna?"

A kunnen dama ina jin numfashinta da muryoyin mata a bayanta. A na hagu kuma na ji tifar yashi tana danna ƙaho a bayana, kusa ƙwarai. Ashe na rage gudu a tsakiyar layi ban sani ba. Na karkata gefe, ta wuce har iskarta ta kaɗa mini riga. Na tsaya gaban wata mai tuyar awara na kashe mashin.

"Na tsaya. Faɗa mini."

"Inna ta rasu, Yaya. Yanzun nan."

Na yi salati. Na tambaye ta ko an sanar da kawunmu, ta ce a'a. Na ce zan kira shi. Mai awarar tana ta juya abinta a cikin mai, wani mai keke yana jayayya da fasinja. Duk ina jin su sarai.

Na kira kawu a nan inda nake tsaye, sannan na kira matata. Da na gama na cire abin na sa a aljihu, na juya mashin zuwa Ƙofar Wambai. A hankali na tafi. Wayar ta yi ta rawa a aljihuna har na isa ƙofar gida, inda na tarar maƙwabta sun fara shimfiɗa tabarmi.