An Haife Shi Ana Sallah

Edita, a shekarar da ta biyo bayan babban fari, lokacin naira tana sabuwa a hannun mutane, ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da bakwai a wani ƙauye kusa da Gagarawa. Ina noma da damina, da rani kuma in tafi Gumel wurin kawuna, tsohon malami mai ilimin taurari, ina ɗaukar karatu. Allah ya ba ni kaifin lissafi, ya kuma jarrabe ni da zuciya. Abu kaɗan ke tunzura ni, idan na hau kuwa ba mai saukar da ni. Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba, maganata ce magana a gidan. Yau na tsufa, kuma labarin abin da hannun nan da nake rubutu da shi ya aikata nake so masu karatu su ji.

Ina da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda mijinta na fari ya rasu ta dawo gida. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take kaiwa kasuwar Maigatari duk ranar Alhamis. A can ta haɗu da wani makiyayi daga wata ruga kusa da Ɗanzomo, suka so juna, ya turo manyansa da goro. Ni kuwa na tsane shi. Shekarar fari shanunsa sun shiga gonata sun cinye ɗan waken da ya tsira, ya zo ya ba da haƙuri har da durƙusawa, na ce na haƙura, amma ƙarya nake yi. Mahaifiyarmu, da yake ta yarda da karatuna, ta ce kafin a raba goron in duba mata ko taurarinsu sun dace.

Na ƙanwata ba wahala, don mahaifinmu yakan rubuta rana da sa'ar haihuwar kowane ɗa a bayan wani littafinsa. Na makiyayin ne matsala. Na aika a tambayi uwarsa, amsa ta dawo cewa an haife shi ranar Babbar Sallah, shekara ashirin da biyar ke nan, kuma an haife shi ana sallah. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. To wace sallah? Ta Idi da hantsi, ko ɗaya daga cikin biyar ɗin nan na kullum, ko kuwa tana nufin ana cikin bikin sallah kawai? Ban koma na tambaya ba.

Kawu ya riga ya koya mini ƙa'idar irin wannan, har ya gaji da maimaitawa. Sama an raba ta buruji goma sha biyu, kowane buruji daraja talatin. Idan an san ranar haihuwa amma ba a san sa'a ba, a ɗauki tsakar rana a duba jadawali. Rana daraja ɗaya take tafiya a yini da kwana, cikin taurari kuma Zuhura ɗaya da ɗan ɗori, Mirriku bai kai ɗaya ba, Mushtari da Zuhalu kuwa kamar a tsaye suke. Waɗannan ana dogara da su, sai dai idan ɗayansu yana dab da ƙofar wani buruji. Wata kuwa mai sauri ne, yakan ci daraja goma sha uku, saboda haka za a iya kuskure shida ko bakwai gaba ko baya, wani lokaci ma ya sauya buruji a ranar. Abin da ba a taɓawa sam shi ne ɗali'i, wato burujin da ke hudowa daga gabas a daidai lokacin da jariri ya faɗo. Shi kusan duk awa biyu yake sauyawa, kuma daga kansa ake ƙirga gidaje goma sha biyu, na dukiya, na 'ya'ya, na aure, na mutuwa da sauransu. Kawu yakan ce wanda ba a san sa'arsa ba, yana da taurari amma ba shi da gidaje, kada in kuskura in gina masa.

Da na duba abin da ake dogara da shi, raina ya ɓaci, don ya yi kyau. Ranarsa tana Mizani, tata tana Jauza, duka burujan iska ne, masu jituwa. Zuhurarsa, tauraruwar ƙauna, tana Aƙrabu, tata tana Saraɗanu, duka na ruwa. Aibi ɗaya na gani, Zuhalunsa yana zaune kusa da Watanta a Sumbula, wanda malaman fannin ke cewa nauyin hali ne, miji marar yawan fara'a. Wannan bai isa hana aure ba. Watansa kuwa yana ƙarshen Dalwu, ba a san ko ya tsallaka zuwa burujin Hutu ba, dole a bar shi.

Sai na yi abin da aka hana ni. Na ɗauki kalmar nan ta sallah na riƙa gwada ta ɗaya bayan ɗaya. Mirrikunsa, tauraron faɗa da jini, yana burujin Asadu ko yaushe aka haife shi a ranar, amma gidan da zai faɗa ya dogara da sa'a. Da na sa lokacin Idi, ɗali'i ya zama Aƙrabu, Mirriku ya faɗa gida na goma, na sana'a, mutum mai himmar aiki ke nan. Da na sa magariba ya faɗa gidan 'ya'ya. Da na sa azahar, ɗali'i ya zama Dalwu, Mirriku ya zauna daram a gida na bakwai, gidan aure, Watan ƙanwata kuma ya faɗa gidansa na takwas, gidan mutuwa. Wallahi sai da na yi murmushi. Na goge sauran daga allo, na bar na azahar. Na je na gaya wa mahaifiyarmu cewa mutumin nan zai zubar da jinin 'yarta. Abin mamaki, kafin kwana uku ni kaina na gaskata ƙaryata.

Mahaifiyarmu ta sa hannu a ka tana salati. Ƙanwata ta fito ta tambaye ni a ina na samo sa'ar da uwar da ta haife shi ma ba ta faɗa ba. Tambayar ta soke ni, don gaskiya ce. Na kwaɗa mata mari sai da ta faɗi kan turmi, leɓenta ya fashe. Na ɗauki ƙwaryar goron na fyaɗa da ƙasa, na tattake shi, na sa aka kwashe a tsumma aka mayar wa mutanen Ɗanzomo a haka. Na kuma rantse cewa duk ranar da na gan shi kusa da ita, sai an kwashe shi. Magana ta bazu ƙauye-ƙauye har Sule Tankarkar cewa malami ya duba ya ga kisa a hannun wane, mata suka fara janye 'ya'yansu idan ya zo wucewa.

Alhamis ta uku bayan haka, rana tsaka, ina kara, wato kasuwar dabbobi, wajen masu awaki aka zo aka raɗa mini cewa ga makiyayin can tsugune gaban tallar ƙanwata. Na fizgi gora mai ƙulli a kai, 'yan uwana biyu suka biyo ni. Yana ganina ya miƙe, ya ajiye sandarsa a ƙasa, ya fara cewa ya zo ne ya roƙa a kai maganar gaban kawu a sake dubawa. Ban bari ya ƙarasa ba. Na kai masa duka a ka, ya tare da hannu, na ji ƙarar ƙashi. Danginsa da ke wajen shanu suka taso da sanduna, kasuwa ta hargitse, kwalaben mai suka farfashe, wani bijimi ya tsinke ya bi ta kan rumfuna. An fasa wa ɗan uwana goshi, ni ma an sauke mini sanda a kafaɗa, ban ko ji ba. Makiyayin yana durƙushe riƙe da karyayyen hannu, na ɗaga gorar da hannu biyu da niyyar in gama da shi. Ban ga lokacin da ƙanwata ta shigo tsakani ba. Ƙullin gorar ya same ta a gefen fuska na hagu.

Ba ta yi ihu ba. Ta zauna cikin man gyaɗa, jini yana bin wuyanta, tana lalube da hannu kamar mai neman abu a duhu. Gorar ta faɗi daga hannuna, na tsaya kamar gunki. Shi wanda na ce zai kashe ta, shi ya cire rawaninsa da haƙori da hannu ɗaya ya ɗaure mata kai, ya tsaya tsakiyar hanya ya tare wata babbar mota mai zuwa Gumel. A asibiti aka ceci ranta, amma idon hagu ya tafi.

Na yi kwanaki a tsare, har manyan ɓangarorin biyu suka sasanta. Da na fito kawu ya kira ni gaban mahaifiyarmu da uwar makiyayin. Ya tambayi tsohuwar wace sallah take nufi. Ta ce ita ba ta sani ba, kwana biyu ta yi tana naƙuda a bukka, ta suma ta farfaɗo, abin da ta riƙe kawai shi ne an kawo mata naman layya tana riƙe da jariri. Matan da suka karɓi haihuwar duk sun rasu. Kawu ya zana lissafin tsakar rana a allo, ya nuna Rana da Zuhura da Zuhalu kamar yadda na gani tun farko, ya ce iyakar abin da za a iya faɗa ke nan, kuma shi ma zato ne, gaibu na Allah ne. Sannan ya ce in nuna masa inda na samo azahar. Ya karɓe jadawalin daga hannuna, bai ƙara zama da ni don karatu ba har ya rasu.

Sun yi aure bayan kaka. Sun haifi bakwai, sun yi shekara talatin da ɗoriya kafin ya rasu. Hannunsa bai ƙara miƙewa daidai ba. Mutum ne marar yawan magana, kuma ko tsawa ban ji an ce ya taɓa daka mata ba.

Ni dai na bar duba tun daga ranar, kuma ina neman gafarar Allah. Ga masu kai sunayen 'ya'yansu a duba musu dacewa, ina jan kunnenku. Idan ba a san sa'ar haihuwar mutum ba, duk wanda ya yi muku zancen gidan aurensa ko gidan mutuwarsa, daga cikinsa ya ƙago. Ku tambaye shi inda ya samo sa'ar, ku kuma tambayi abin da ke tsakaninsa da wanda ake duba wa. Masu duban kuma ku ji tsoron Allah, inda ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba. Na ce za a zubar da jinin ƙanwata, an kuwa zubar, ni na zubar. Tana nan da ranta a Ɗanzomo. Ta ce ta yafe, tana kuma sa a kawo mini fura idan na je. Amma duk zuwan da na yi, takan gyara zama ta juyo mini da gefen hagu, mu gaisa a haka har in tashi.