Kuɗin da na cusa a cikin na masauki

Shekarar da Gwaggo ta sayar da bijimanta biyu a kasuwar Talata, ni ta kira in yi mata lissafin Umarar azumi. Yayar mahaifinmu ce, tana zaune a Bakura tun rasuwar mijinta, wanda mahauci ne. Sana'arta kiwon turke, kuma ba ta karatun boko. Ni kuwa ina koyarwa a Mafara, don haka duk abin da ya shafi takarda a danginmu kaina yake faɗowa.

Na je ofishin wani ejan na tafiye-tafiye da ke garinmu, na zauna da shi kusan awa biyu. Ban yarda da shi ba tun farko, domin ya cika murmushi, kuma jimla ɗaya ya so ya ba ni a dunƙule. Na ce ya warware mini. Nawa ne tikitin jirgi daga Kano, zuwa da dawowa? Nawa ne biza? Masauki kwana nawa a Madina, kwana nawa a Makka, mutum nawa a ɗaki, kuma ana iya takawa zuwa Harami ko sai an hau mota? Da abinci ko babu? Ya ce mutum huɗu ne a ɗaki, babu abinci, kuma goman farko na azumi ya fi goman ƙarshe sauƙi nesa ba kusa ba. Ya ƙara da cewa farashin na mako ɗaya ne, domin canjin riyal ba ya zama wuri ɗaya.

Na rubuta komai, na ƙara motar Kano, da guzurin abinci da tsaraba. A ƙasa na sa layi na ƙarshe, kuɗin ko-ta-kwana. Na tafi Bakura na karanta mata a tsakar gida, tana yanka wa awaki harawa.

Da na kai layin ƙarshe ta ajiye wuƙar.

"Wanga kuma na mine ne?"

Na ce, "Gwaggo, jirgi kan ɗaga ranar tashi. In masaukinku ya ƙare, kwanan da ya ƙaru wani lokaci ke za ki biya. Ko jaka ta ɓace, ko ƙafar nan taki ta motsa."

"Wa ka riƙe su?"

"Ke, ko ni, duk wanda kika ga dama."

Ta ce, "Ɗana, ɗakin Allah za ni. In sun saura, ɗan maraƙi za ni saye in bari ga turke. Goge shi."

Na goge a gabanta. Amma a mota, kan hanyar komawa Mafara, hankalina ya ƙi kwanciya. Na san ƙafarta na kumbura in ta yi doguwar tsayuwa, na kuma san in kuɗin ya zama maraƙi ba za a same shi a kwana ɗaya ba. Da na isa gida na sake rubuta takardar. Na ɗauki kuɗin ko-ta-kwanan na cusa shi a cikin na masauki. Niyyata in biya ejan haƙƙinsa, in canza ragowar zuwa riyal, in ajiye a hannun shugaban ayarinsu. Na kai mata sabuwar takardar na ce masauki ya tashi. Ta ninke ta, ta ɗaure a bakin zane, ta sa aka tura mini kuɗin gaba ɗaya.

Daga nan na fara jin labari. Wani ɗan'uwanmu mai sayar da nama ya ce ta sa shi ya karanta mata takardar har sau biyu. Bayan kwana uku matata ta ji cewa Gwaggo ta hau mota zuwa Maradun, wajen wata ƙawarta Hajiya da ta je Umara ba sau ɗaya ba. Gwaggo da ba ta son hanyar nan ko da biki ne! In na kira ta a waya, sai ta ja gaisuwa, ya gida, ya yara, ya makaranta, ya haƙuri da jama'a, sannan ta ce rana ta yi, ta kashe. Ni ma na shiga zarginta. Na ɗauka ta samo wani ejan mai araha ne, irin masu ba mutum tikitin da babu tabbacin ranar dawowa.

Ranar Talata ejan ya kira ni ya ce in zo ofis. Na tarar da Gwaggo a kan benci, Hajiyar Maradun a gefenta, takardata a kan tebur kusa da rasit ɗinsa. Murmushin nan nasa babu shi.

Ya ce, "Malam, Hajiya ta ce na yi wa tsohuwa tsada a masauki. Na ce ni ba haka na faɗa maka ba. Ga abin da ka biya, ga abin da ka rubuta."

Gwaggo ba ta ɗaga murya ba. "Ni shi nika zargi, ashe kai na. Ina sauran?"

Na buɗe wayata na nuna wa Hajiya asusuna, ta duba ta ce ragowar kuɗin suna nan, ko naira ba ta fita ba. Na yi bayani kamar yaron da aka kama a gonar rake. Ejan ya taimake ni kaɗan. Ya ce bizar tana ɗauke da inshorar asibiti, amma ba ta biyan ƙarin kwana ko sauya tikiti, kuma shi ba ya son matafiyi ya tashi hannu wofi. Hajiya ta ce ita ma kullum takan ware wani abu da ba ta taɓawa sai dole.

Gwaggo ta ce, "Duk na jiya. Amma shi ƙarya ya yi mani ga takarda. Da ban zo ba, wa as shaida?"

Babu shaida kuwa. Ni kaɗai na san niyyata.

A nan take ta sa na tura wa Hajiya kuɗin. Hajiya ce ta kai ta wajen ɗan canji, aka raba riyal gida biyu, guzuri a jakar wuya, na ko-ta-kwana a lalitar da Gwaggo ta ɗinka da hannunta. Ranar tafiya na raka Gwaggo tasha, ita da Hajiya, domin ayari ɗaya suka tafi. Gwaggo ta yi wa kowa addu'a, ni ta ce mini in gaida yara.

Jirginsu bai yi latti ba, jakarta ba ta ɓace ba. Ƙafar ce ta kumbura tun a Madina, har ta kai ba ta iya ɗawafi da safa da marwa a tsaye. Sai da ta biya masu tura keken guragu, ta kuma riƙa shiga tasi tsakanin masauki da Harami. Daga lalitar nan aka biya. Ba ita ta gaya mini ba, Hajiya ce, da suka dawo.

Da na je yi wa Gwaggo barka da sauka, ta ba ni dabino da ruwan zamzam a ƙaramin kofi, ta ba matata turare. Na jira ta ambaci ƙafar, ba ta ambata ba. Na ce, "Gwaggo, ki yafe mini." Ta ce ta yafe tun a gaban Ka'aba, in sha ruwana.

Bana ta fara tara kuɗin Hajji a hukumar alhazai. Ƙanena ta ba aikin, shi da bai gama sakandare ba. Kowane rasit ya kawo, sai ta aiko da shi Mafara in karanta mata ta waya, sannan ta aika Maradun a sake karantawa.