Yashin Malam Aƙilu

A bayan Ƙofar Galadima, zamanin da Turawa suka soma maganar tafiya gida, akwai wani dattijo Malam Aƙilu. Kowa ya san shi, ba mai zuwa wurinsa. Ƙuruciyarsa duk a gidan ruwa ta ƙare, yana wankin yashin da ake tace ruwan famfo da shi. Matarsa ta rasu, ɗansa Ɗahiru ya bi aikin jirgin ƙasa Kudu, gida ya rage daga shi sai ƙadangaru, su ma gyaɗa kai kawai suka iya.

Wata damina rijiyar ƙofar gidansa ta jagule, ruwa ya koma kamar kunun kanwa. Sai ya jawo wani tsohon bututun ƙarfe mai faɗi, tsawonsa kamu huɗu, ya kafa shi tsaye jikin zaure. Ya zuba tsakuwa a gindi, ya ɗora yashi kamu ɗaya, ya bar kafar fita can ƙasa. Ya taka turmi yana juye guga, bututu kullum cike har baki. Ruwa ya riƙa zirarowa garau.

Abin da ya koya a wurin aiki bai da yawa, amma ya zauna masa. Tsayin ruwa daga sama zuwa kafar fita shi ke turawa, kaurin yashi shi ke riƙewa. Ka ninka tsayin, zuba ta ninku. Ka ninka yashin, ta koma rabi.

Tsofaffin unguwa suka taso da tulunansu, a gabansu Iya Asma'u mai koko, wadda bakinta ya fi kokon zafi.

"Malam, ashe kana da amfani? Mu da muka ɗauka kai ma jingine ka aka yi!"

Aƙilu ya yi dariya har ya ƙware. Ya ma manta yadda ake yinta.

To amma tulu ba ya daɗewa. Kafin a gama ina kwana, ina gajiya, yaya ruwa, ya cika, mace ta naɗa gammo ta yi gaba. Hantsi bai gama ɗagawa ba ƙofar ta koma shiru. Ran nan yana zaune ya zuba wa bututun ido, sai dabara ta zo masa, irin ta wanda ya daɗe yana cin tuwo shi kaɗai. Ya ƙara yashi ya zama kamu biyu. Ruwa na nan a baki, tsayi bai canja ba, zuba ta koma rabi. Mata suka zauna jira, aka yi ta hira, har tsadar gero da wadda ta yi yaji ya sha labari.

Da ya tsaya nan da ya ci riba. Ina! Namiji ne. Ya kai yashi kamu uku, tulun da ke cika a gaisuwa ɗaya yanzu sai an yi uku. Mai tuwo a wuta ba ta da wannan lokacin. Ɗaya bayan ɗaya suka koma wa ruwan laka, suna tacewa da gefen zane. Ya wayi gari yana juye guga, ruwa na tsiyaya a randar da ba mai ɗiba.

Iya Asma'u ce ta dawo, ba tulu, sai karan dawa a hannu. Ta ce ya matsa, ta hau turmin tana nishi, ta zura karan. Kamu ɗaya bai gama shiga ba ya dunguri yashi.

"Da can karan nan nutsewa yake. Yashi haihuwa yake yi a gidanka?"

"Don ruwan ya ƙara tsabta ne, Iya."

"Tsabtar gidanku! Ruwan da ya fita tas tun farko? Mu kake tacewa, tsoho. In hira kake so ka buɗe baki ka ce a zauna, gasarata ba za ta yi tsami don kai ba."

Aƙilu ya dubi ƙasa. Roƙon a zauna ya fi ƙarfin bakinsa. Ya ɗauko ludayi mai dogon hannu ya yi ta kwasar yashi, har ya koma kamu ɗaya.

Mata suka dawo. Ruwa na gudu, gaisuwa na gudu, kowa ta cika ta wuce. Iya Asma'u ce ƙarshe, ta zo da wani ƙaton tulu da a da sai ranar suna take fito da shi.

"Kada ka ji daɗi, ƙaramin ne ya tsage," in ji ta.

Ta zauna kan dakali ta zage shi son ranta, shi kuwa yana kan turmi yana murmushi. Babban tulun ma dai cika ya yi. Ya taya ta ɗauka, ta bi lungu tana mita. Ya ajiye guga. Ruwan bututu ya yi ta sauka, zubar tana raguwa, ta koma ɗigo, shi kuma yana zaune yana saurare.