Ranar da na ce wa ɗan fari ranka ya daɗe

Ɗana na fari ya ɓata mini rai, kuma har yau ban ga laifina ba da na rubuta masa abin da na rubuta. Na haura hamsin na shiga ajin yaƙi da jahilci a Kusada, na yi shekara biyu ina gurzar fensir. Da aka sa ranar yaye mu, aka zaɓe ni in karanta jawabi a gaban jama'a, sai ya aiko ƙanwarsa ta gaya mini wai aiki ya yi masa yawa a ofishinsu na Kankia. Ita kuma bakinta ba ya riƙe magana, ta ƙara da cewa ta ji yana faɗin me tsohuwa za ta yi da boko. Kankia fa, ba Legas ba. Mai nono ma tana zuwa ta sayar ta dawo kafin la'asar.

Na buɗe littafin aikina na cika shafi guda. Na tuna masa fitsarin kwance har ya kai aji uku. Na tuna masa akuyar da na sayar ranar da zai tafi sakandare. Na ambaci ƙeyarsa, wadda ta dangin ubansa ce. Da na maimaita karantawa na ga babu ƙarya ko ɗaya a ciki, amma na san idan ya karanta ba zai zo ba. Ni kuwa so nake in ɗaga kai daga takarda ranar nan in gan shi zaune.

Malamarmu yarinya ce, sa'ar autata, ta iya tausasa magana har mai gaskiya ya ji kamar shi ne da laifi. Bayan an tashi aji na tsare ta a gindin dalbejiya.

"Malama, saƙo na rubuta. So nake ki mayar mini da shi mai ladabi."

"To Inna, kawo in gani."

Na matse littafin a hammata. "Ba a gani."

"Karanta mini to."

"Ba a ji."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Inna, tela ma sai an kai masa yadi. Mi zan gyara?"

"Ke ba malama ba ce? Ki gyara kawai."

Ina da dalilaina. Malama ƙawar matarsa ce, tare suka yi makaranta, ba zan bari zancen fitsarin kwance ya isa kunnen surukata ba. Ɗaya dalilin ya fi wannan nauyi. A gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna shi ta ce wannan nawa ne. Ni da na taɓa tsayar da mai unguwa a bakin rijiya na wanke shi tas, bakina bai taɓa iya furta sunan yaron nan ba. Ko a wayata ban rubuta shi ba, lambar ce kawai.

Malama ta gyara zama. "To a bar saƙon. Wa za a aika wa? Yadda ake yi wa miji magana daban, na suruki daban, na ƙawa daban."

"Mutum ne."

"Na gode Allah da ba raƙumi ba ne. Namiji ko mace?"

"Namiji."

"Babba ko yaro?"

"Yana ganin kansa babba."

"Mi ke tsakaninku?"

Na kalli reshen dalbejiya. "Yana da ofis a Kankia. Har da fanka."

"Mi kike so ya yi?"

"Ya zo bikin yaye mu."

"Au, gayyata ce! Ashe manya za ki tara mana." Ta ɗauko biro, sai kuma ta tsaya. "Inna, ki sani fa wannan ba gyaran saƙonki ba ne, sabo ne zan ƙaga, a makance. In bai dace da mai shi ba, kada ki zo ki tsare ni."

Na ce na ji. Gaskiya ta faɗa, ni ce ban saurara ba.

Ta rubuta abu mai kyau kamar na rediyo. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan iyali suna lafiya. Ina mai ƙanƙan da kai ina roƙon alfarmar halartarka. Na san ayyuka sun yi maka yawa, idan hali bai yi ba babu komai, wallahi na yafe. Taka mai biyayya.

Na karanta, na ji ranka ya daɗen nan bai kwanta mini ba. Amma na ce a raina wataƙila haka ladabin 'yan boko yake, ai dalilin da ya sa na zo wurinta ke nan. Na koma gida na kwafe shi a waya harafi bayan harafi da yatsa ɗaya, har miyata ta kama. Na tura.

Gab da magariba ina kankare tukunya sai ga ƙanwarsa daga gidan aurenta na Kaikai a bayan babur, mayafi a karkace.

"Inna, lafiyarki? Wayarki tana hannunki?"

"Ga ta nan. Mi ya faru?"

"Yaya ne ya kira ni. Ya ce ko an sace wayar, ko kin gamu da iska, ko kuma kin sallama shi."

"Ladabi na yi masa."

"Ladabi? Inna, ke da ko sannu ba ki ce masa sai ta bakin wani, yau ke ce da ranka ya daɗe? Har da taka mai biyayya? Ya ce da wannan gara ki zage shi. Ya kasa cin abinci, ya je wurin liman yana tambaya ko wannan ma bakin uwa ne."

Na so in yi dariya, na danne. "To zai zo?"

"Ina zai zo? Kin ce masa babu komai kin yafe. Ya ce shi ya san babu komai ɗinki. Rabon da ki faɗe ta tun ranar da kika daina shiga gidan Baffa, shekara nawa ke nan? Ya ce in ya zo ma korar shi za ki yi a gaban mutane."

Na zauna a kan turmi. Nawa na zagi zai hana shi zuwa, na Malama mai ladabi ya riga ya hana shi. Saura kwana huɗu, kuma babu wanda zan kama da laifi, don yarinyar ta yi mini kashedi da bakinta.

Washegari ban jira lokacin aji ba. Na iske Malama tana shara a tsakar gidansu, na buɗe littafin na ɗora mata a hannu. Ta karanta, ta kai wurin ƙeya ta ciji leɓe.

"Inna, wa ke da wannan ƙeyar?"

Na juya mata baya. "Wanda ba na faɗin sunansa."

"Mijin ƙawata? Haba Inna! Da jiya kika faɗi haka ai da an gama."

"In matarsa ta ji layi na uku, ni da ke ne."

Ta jingine tsintsiya ta ɗauko biro. "Fitsarin zai fita, ƙeyar ma za ta fita. Akuyar fa?"

"Akuyar tana nan," na ce. "Ki sa ta a farko. Kuma ki bar masa ɗan faɗa kaɗan a ƙarshe, don ya san ni ce."